Yadda na cire tabon manja daga rigar auduga

Manja ya zube a gaban farar rigata ta auduga. Na yi kuskuren gurza wurin da ruwa, tabon ya ƙara faɗi. Na wanke da sabulu na shanya, amma ja-ja-jan nan bai tafi ba.

Da a ce tun farko na sani, da na kankare man da cokali, na barbaɗa garin sitaci ya tsotse na minti 30, na kakkaɓe.

Ga abin da ya yi aiki bayan wankin. Na bar rigar ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙen yadi ba ya barin sabulu ya kama mai. Na sa tsumma a ƙarƙashi, na ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kamar rabin ƙaramin cokali, na murza da yatsa ta bayan yadin. Bayan minti 20 na ɗauraye da ruwa mai zafi, sau biyu.

Maiƙon ya fita, saura ɗan rawaya, wato launin manjan. Shanya a rana tsaka ta cinye shi. Kada dai a goge kafin tabon ya fita, zafin dutsen guga kafe shi yake yi. Alhamdu lillahi.