Babi na Bakwai: Cizon Kare da Ciwon Haukan Kare

Ciwon haukan kare yana shiga jikin mutum ne ta yawun dabbar da ta kamu, kuma kusan duk waɗanda suke kamuwa da shi daga kare suke ɗauka. Ƙwayar cutar ba ta bin jini. Idan ta shiga rauni, jijiyoyi take bi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, tafiyar da yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, ko da yake takan iya zuwa cikin mako guda ko ta kai shekara. A duk tsawon wannan lokaci raunin ya warke, mutum yana cin abincinsa, yana zuwa gona. Amma ranar da alamu suka bayyana, wato zazzaɓi da ƙaiƙayi a tabon cizon, da ruɗewa, da shaƙewar maƙogwaro idan an kawo ruwa, to babu asibitin da yake da maganinsa, kusan kowa mutuwa yake yi. Saboda haka duk aikin ceto ana yin sa ne kafin ƙwayar ta gama tafiyarta.

Wanki shi ne aikin farko

Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 8 da aka aika sayen ƙosai da safiyar Litinin, wani kare da ba a san mai shi ba ya cafke shi a ƙwauri. Haƙori biyu sun huda fata, jini ya ɗan fito. Abin da ya kamata uwarsa ta fara yi, tun kafin ta nemi mai babur, shi ne ta zaunar da shi ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. A duba agogo ko waya, domin minti 15 yana da tsawo fiye da yadda ake zato, kuma yawancin mutane minti biyu suke yi su ce sun gama. Idan akwai famfo a sa ƙafar a ƙarƙashinsa. Idan babu, mutum ɗaya ya riƙa zuba ruwa da buta, ɗaya yana cuɗa kumfa cikin ramin haƙorin, ana sake cika butar. Kada a tsoma ƙafar a roba ana maimaita ruwa ɗaya, ana so ruwan ya riƙa wucewa da yawun.

Kowane irin sabulu yana aiki, na wanka ko na wanki, domin ƙwayar tana da wata riga ta kitse wadda sabulu yake narkarwa. Idan babu sabulu a kusa, a fara da ruwa kawai, wani ya je nemowa. Bayan wankin a shafa aidin idan akwai shi a gida. Idan yawun ya fantsama cikin ido ko baki, ruwa zalla ake kwarara wa wurin.

Akwai abubuwan da aka saba zubawa a cizon kare: toka, barkono, garin ganye, man birki, har da ƙonannen gashin karen. Babu ɗaya daga cikinsu da yake kashe ƙwayar, sai dai su ƙona nama su ƙara datti. Haka kuma wankin nan da ƙasa da aka koya mana game da ƙwaryar da kare ya sa baki, hukuncin ƙwarya ne, ba a cusa ƙasa cikin rauni. Kada a ɗaure wurin tamau, kuma kada a matsa wa ma'aikacin asibiti ya ɗinke shi nan take, domin ɗinki yana iya tura ƙwayar can ciki.

Wa yake bukatar allura?

Ma'aikatan lafiya suna bin rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi, kashi uku. Wanda ya taɓa kare, ko ya ba shi abinci, ko kare ya lashe shi a lafiyayyar fata, wanki ya ishe shi. Wanda kare ya yaƙusa ko ya ɗan gatsa har fata ta kurje, ko da jini bai fito ba, yana bukatar allurar rigakafi. A nan mutane suka fi yin kuskure, su ce ai farce ne ba haƙori ba, alhali kare yana lasar ƙafafunsa, yawu yana iya kasancewa a farcen. Kashi na uku shi ne cizo ko yaƙushin da ya huda fata, ko lasa a kan gyambo, ko yawu a ido ko baki. Yaron misalinmu yana nan. Shi bayan rigakafin yana bukatar wata allura dabam, mai ɗauke da garkuwa shiryayya, wadda ake yi a cikin raunin da kewayensa domin ta tare ƙwayar kafin jiki ya haɗa tasa garkuwar. Wannan allura tana da tsada kuma ba kowane asibiti ake samunta ba. Idan ba a same ta ranar farko ba, a fara rigakafin a ci gaba da nema, domin ana iya yin ta har kwana 7 bayan allurar farko.

A tafi asibiti ranar da abin ya faru. Gaggawar tana ƙaruwa idan cizon a fuska ne, ko kai, ko wuya, ko yatsu, ko al'aura, saboda wuraren nan suna kusa da ƙwaƙwalwa ko suna cike da jijiyoyi. Ƙananan yara sun fi shan cizo a fuska saboda gajartarsu, kuma sukan ɓoye yaƙushi don tsoron faɗa, don haka a tambaye su cikin lallami. Mai juna biyu da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu allurar. Wanda ya yi sakaci har makonni suka wuce, shi ma ya je, muddin alamu ba su fara ba.

Ranakun allura

Ranar allurar farko ita ake kira rana ta 0. Idan an yi wa yaron ranar Litinin, zai koma ranar Alhamis, wato rana ta 3, sannan Litinin mai zuwa, rana ta 7, sannan wata Litinin ɗin, rana ta 14. Wasu asibitoci suna ƙara ta biyar a rana ta 28, wasu kuma suna yin 'yar kaɗan a cikin fata a wuri biyu, a gama cikin mako guda. A bi abin da aka rubuta a kati. A dantse ake yin ta, ko a cinya ga ƙaramin yaro, ba a ɗuwawu ba. A kuma tambayi sunan allurar da aka yi, domin sau da yawa ana yi wa mutum allurar tetanus a kantin magani ya koma gida da zaton an kare shi, alhali wannan ba ta hana haukan kare.

Shi kuma karen

Idan karen gida ne, kada a kashe shi don haushi. A ɗaure shi inda yara ba sa zuwa, a ba shi abinci da ruwa, a sanar da likitan dabbobi, a sa masa ido kwana 10. Karen da yake da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya cika kwana 10 lafiya: zai canza hali, ya riƙa dalalar da yawu, ya ciji itace ko sarƙa, ko kuma ya yi shiru muƙamuƙinsa ya saki, ƙafafunsa su shanye. Amma ana fara allura ne tun ranar farko, ana lura da karen a lokaci guda. Idan ya cika kwanakin lafiya lau, ma'aikacin lafiya ne zai yanke ko a dakatar da sauran alluran. Idan ya mutu, kada a feɗe shi ko a taɓa bakinsa da hannu, likitan dabbobi yana iya aika kansa ɗakin gwaji irin na Vom a Jihar Filato. Karen da ya ciji yaronmu kuwa ya gudu, babu wanda zai lura da shi, saboda haka za a ɗauke shi a matsayin mahaukaci, a yi wa yaron alluransa duka har ta ƙarshe.