Yadda Ake Canza Fasasshen Sikirin na Waya: Misali da Samsung Galaxy A52

Kafin ka je kasuwa, fara tantance abin da ya fashe. Fuskar waya gilashi ne a sama, sashen da ke jin taɓawar yatsa, sai sikirin mai nuna hoto a ƙasa, duk a manne da gam. Idan gilashin ne kawai ya tsage, hoto zai fito tas, kuma ko'ina ka taɓa zai amsa. Idan ka ga baƙin tabo kamar tawada ta zube, ko koren layi daga sama zuwa ƙasa, sikirin ɗin kansa ya mutu, kuma tabon ƙara faɗi zai yi ta yi. A wayoyin Samsung, ka buga wannan a wurin kira:

```
*#0*#
```

Za ka ga akwatuna. Danna Red, Green da Blue ka duba launuka, sannan ka shiga Touch ka ja yatsa a kan layukan. Duk inda layi ya ƙi shafuwa, wurin ya daina ji.

In gilashi ne kaɗai, akwai masu gyara da ke da injin raba shi da sikirin: su ɗumama fuskar, su ratsa siririyar waya a tsakani, su manna sabon gilashi a injin matsi. Ka tsira da sikirin ɗinka na asali a kuɗi kaɗan. Amma wannan ba aikin gida ba ne, kuma sikirin na iya fashewa a hannun mai gyara, don haka ku yi magana tun farko kan wa zai ɗauki asarar.

In kuwa sikirin ya mutu, zaɓin kaya shi ne rabin aikin. A52, wadda ta fito a 2021, tana da sikirin mai inci 6.5 irin AMOLED, wanda kowane ɗigonsa ke ba da haske da kansa ba tare da fitila a baya ba, kuma na'urar karanta zanen yatsa tana ƙarƙashinsa, ta cikinsa take hango yatsan. A kasuwar waya, irin Farm Centre ta Kano, kusan iri uku za a ajiye maka. Akwai orijinal, sabo ko wanda aka ciro daga wata waya. Akwai kwafi na OLED, wanda launinsa ya yi kusa da na asali, sai dai haskensa bai kai ba idan ka fita rana. Sai mafi araha, wanda ake kira insel, shi kuma LCD ne da fitila a bayansa. Wannan fitilar ce ke tare wa na'urar yatsa hanya, shi ya sa buɗe waya da yatsa ke daina aiki da zarar an saka shi. Ya fi kauri, yakan ɗan taso sama da firem, wato jikin wayar da ke riƙe da sikirin, ya fi shan batir. Gane shi ba wuya: buɗe baƙin hoto a ɗaki mai duhu. AMOLED zai yi baƙi ƙirin kamar an kashe wayar, insel kuwa zai riƙa fitar da haske toka-toka. Wanda zai riƙe wayar wata shekara biyu, orijinal ya fi masa. Insel na mai son kwashe hotuna da lambobinsa ne ya lallaɓa kafin ya canza waya.

Ka duba lambar samfurin a Settings, cikin About phone. SM-A525F ita ce mai 4G, SM-A526B mai 5G, SM-A528B kuma A52s ce. Da lambar za ka yi ciniki, kada ka tsaya a kan suna kawai.

Ga mai son yi da kansa, ka sayi sikirin da ya zo manne da firem ɗinsa. Ya ɗan fi tsada, amma ya raba ka da aikin da ya fi ɓata wa sababbin hannu kaya, wato ɓamɓare tsohon sikirin da daidaita sabo a kan gam. Za ka buƙaci ƙaramin sukundireba mai kan kuros lamba 00, robar tsotso, siraran robobin ɓamɓara, hantsaki, sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, na'urar busar da gashi, da sabon gam na murfin baya wanda aka yanka daidai da wayar.

Kwafe bayananka tukuna, ka bar caji ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, domin cikakken batir in ya huje yana iya kamawa da wuta. Kashe wayar, ka zare tiren sim. Ta baya ake shiga A52. Ɗumama gefen murfin har ya yi zafin da yatsa ba zai daɗe a kai ba, ka ɗaga da robar tsotso, ka zura robar ɓamɓara kamar milimita 3, ka bi gefe a hankali. Kwance notuna ka jera su a kan takarda yadda ka same su, ka cire murafun robar ciki. Abu na farko da za ka zare shi ne soket ɗin batir, kafin ka taɓa komai. Daga nan sai ka kwashe injin wayar da kyamarori, allon caji na ƙasa, na'urar yatsa da siraran wayoyin eriya zuwa sabon firem. Ka ajiye tsohon firem da sabo gefe da gefe. Duk abin da ke tsohon babu shi a sabon, kamar ƙaramar sifikar kunne ko injin jijjiga, sai ka ɗauke shi.

Batirin manne yake da gam mai ƙarfi. Ɗiga sifirit a gefensa, ka jira minti biyu ko uku, ka ɗaga da roba mai faɗi. Kada ƙarfe ya taɓa shi. In ya lanƙwashe, ko ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi na fita daga jikinsa, kada ka mayar da shi.

Kafin ka manne murfi, haɗa komai ka kunna. Sake buga lambar gwajin nan, yi kira, gwada caji, goge tsofaffin zanen yatsa ka yi rajistar sabo. Baƙin sikirin alhali wayar na jijjiga yawanci soket ne bai zauna ba. Raunin sabis kuwa, duba wayar eriya. In orijinal ka saka amma yatsa ya ƙi karɓuwa, na'urar na buƙatar saiti, wanda sai a shago mai kayan aikin.

Sai maganar ruwa. A52 ta fito da shaidar IP67, wato an gwada ta a ruwa mai tsabta zurfin mita 1 na minti 30. Abin da ke riƙe wannan kariya gam ne da aka matse da inji a kamfani, da zoben roba na tiren sim, da ƴan ragar da ke bakin sifika da makirfo. Da ka ɗaga murfi, hatimin ya karye. Gam na ruwa irin B-7000 da ake matsawa da hannu yana riƙe murfi sosai, amma kaurinsa ba ya zama ɗaya, kuma ƙaramar kafa ta ishi ruwa shiga. Yankakken gam ya fi, muddin ka kankare tsohon tas, ka goge da sifirit, ka danne murfin da matsi na kusan rabin awa. Duk da haka, a gida ba ka da hanyar tabbatarwa. Cibiyoyin gyara na kamfani suna da na'urar gwaji da matsin iska. Wayar da aka gyara ba tare da wannan gwajin ba, ka ɗauke ta a matsayin mai jure yayyafi kawai, ka nisanta ta da wurin alwala da wanki.

In ka zaɓi shago, tambayi wane irin sikirin za a saka, ka gan shi kafin a manna, a gwada a gabanka. Nemi garanti a rubuce a kan rasit, musamman na sikirin da ke danna kansa, matsalar da kwafi ke yawan nunawa idan waya na caji. Ka kuma karɓi tsohon sikirin ɗinka, domin orijinal da gilashinsa kaɗai ya tsage yana da masu saye.