Darasi na Shida: Haɗa Sabuwar Rauta da Modem da Kwamfuta

Modem ita ce na'urar da kamfanin intanet ke kafa muku, ita ke ɗauko intanet daga waje ta shigo da ita gida ko shago. Rauta kuma ita ke karɓa daga hannun modem ta rarraba wa kwamfuta da wayoyin hannu. Kenan intanet tana bin layi ne: daga modem zuwa rauta, daga rauta zuwa kwamfuta. Idan aka juya wannan layi, ko da kowace fitila ta kama, aiki ba zai tafi daidai ba.

Ku buɗe kwalin a kan tebur ko tabarma mai tsabta, ku jera abin da ke ciki. Yawanci za ku tarar da rautar kanta, da adaftar wuta, da gajeren kebur na intanet guda ɗaya, da 'yar takardar bayani. Ku lura da kyau, kebur ɗaya ne ke zuwa a kwali, alhali aikinmu na yau yana buƙatar biyu: ɗaya tsakanin modem da rauta, ɗaya tsakanin rauta da kwamfuta. Gara ku sayi na biyun tun kuna kasuwa, ko a Sabon Gari ne ko a Samaru, ku auno tsawonsa daga inda rauta za ta zauna zuwa teburin kwamfuta. Kwalin da rasit kuma ku adana su, saboda idan kaya ya zo da matsala da su za ku koma wa mai shago.

Ku ɗauki kan kebur ɗin ku duba shi a haske. Roba ce garau, a cikinta akwai 'yan siraran wayoyi guda takwas masu launi daban-daban, a bayanta kuma akwai ɗan harshe mai lanƙwasa. Wannan harshen shi ke riƙe kebur a cikin rami. In kun tura shi daidai za ku ji ya ce ƙas. In ba ku ji ba, bai zauna ba. Lokacin cirewa kuma sai an danne harshen tukuna a ja, domin in ya karye kebur zai riƙa zamewa da kansa, intanet ta yi ta ɗaukewa ba ku san dalili ba.

Yanzu ku juya bayan rautar, nan ne zuciyar darasin. Za ku ga ramuka a jere, galibi biyar, duk girmansu ɗaya. Huɗu suna tare, an rubuta musu LAN da lamba 1 zuwa 4. Ɗaya kuma yana gefe shi kaɗai, an rubuta masa WAN ko Internet, sau da yawa launinsa ya bambanta da na sauran. Kada ku dogara da launi, domin kowane kamfani da irin nasa. Rubutun za ku karanta. Ramin WAN kamar ƙofar zaure yake a gidajenmu na cikin birni: duk abin da zai shigo daga waje ta nan zai bi, ramukan LAN kuwa ƙofofin ɗakunan cikin gida ne. Saboda haka kebur ɗin da ya taso daga modem ramin WAN kaɗai zai shiga, kwamfuta kuma ta shiga kowanne daga cikin huɗun nan, duk ɗaya ne.

Kafin ku soka komai, ku zare modem daga wuta. Ku ɗauki kebur na farko, kai ɗaya a ramin LAN na bayan modem, ɗaya kan a ramin WAN na rauta. Ku ɗauki na biyu, daga LAN 1 na rauta zuwa ramin intanet da ke jikin kwamfuta. Idan modem ɗinku irin ta faiba ce, akwai wata siririyar waya da ma'aikatan kamfani suka soka mata. Zaren gilashi ne a cikinta, kada ku cire ta, kada ku naɗe ta da ƙarfi, kada kuma ku leƙa bakinta da ido.

Sai a zo ga wuta. Ku fara kunna modem ita kaɗai, ku ba ta kamar minti biyu har fitilunta su daina ƙyaftawa barkatai su natsu. Sannan ku kunna rauta, ita ma ku ba ta minti ɗaya ko biyu, kwamfuta ta zo a ƙarshe. Dalilin wannan jeri shi ne, rauta na tashi sai ta nemi modem ta ba ta lambar adireshi. In ta tarar modem ba ta gama farkawa ba, wasu rautocin sukan daɗe ba su sake nema ba, ku kuma ku zaci kayan ne ba su da kyau.

Ina roƙonku ku kula da adafta. Ta modem da ta rauta sukan yi kama, bakinsu ma yakan shiga ramin juna, amma ƙarfinsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Wata an rubuta mata 12V, wata 9V. In aka soka mai 12V a na'urar da ke shan 9V tana iya ƙonewa, in aka yi akasin haka kuma sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Ku karanta rubutun da ke ƙarƙashin rautar ku gwada da na jikin adafta, sannan ku manna wa kowace ɗan salatif ku rubuta sunanta.

Ga misali. Wani mai shagon buga takardu a Samaru ya haɗa nasa, fitilar wuta ta kama, wayarsa ta ga sunan rautar, amma shafi ba ya buɗewa. Da ya duba gaban rautar sai ya ga fitilar LAN 1 da ta LAN 2 suna ci, ta WAN kuwa a mace. Kwamfutarsa ɗaya ce, to me ya kunna fitilun LAN biyu? Nan ya gane kebur ɗin modem ya faɗa ramin LAN. Ya zare shi ya mayar WAN, ya kashe na'urorin biyu, ya sake kunna su bi da bi, fitilar WAN ta kama. Wannan kuskuren yakan ruɗi mutane, saboda wani lokacin intanet takan zo a haka na ɗan lokaci, a wata wayar ta yi aiki, a wata ta ƙi.

Domin ku tabbatar kwamfuta tana magana da rauta, a kwamfuta mai Windows ku buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ku rubuta wannan sannan ku danna Enter:

```
ipconfig
```

Ku nemi layin IPv4 Address. In lambar ta fara da 192.168, rauta ta ba kwamfuta adireshi, wannan ɓangaren ya yi. In ta fara da 169.254, kwamfuta ba ta samu adireshi daga rauta ba, sai ku sake danna kebur na biyu, ku gwada wani ramin LAN, ko ku canja kebur ɗin. In kuwa adireshi ya yi kyau, fitilar WAN na ci, amma babu intanet, ku koma kan modem. Jar fitila a wurin da aka rubuta LOS tana nufin saƙo ba ya isowa ta faiba daga waje, wannan aikin kamfani ne, ku kira su. Wasu kamfanonin kuma sukan ba da suna da kalmar sirri da za a shigar a shafin saitin rauta, wannan shi ne darasi na gaba.

Aikin aji: ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya haɗa kebur ɗin ba tare da ɗan'uwansa na kallo ba, ko daidai ko da gangan ba daidai ba. Na biyun ya dubi fitilun gaba kawai ya faɗi ramin da kowane kebur yake, sannan a juya bayan rautar a gani.