Yadda Ake Buɗe Manhajar da Mac Bai San Mai Ita Ba, a Kuma Kai Ta Applications

Idan ka sauke manhaja daga intanet, ka danna ta sau biyu, sai Mac ya ƙi buɗewa ya ce ta fito daga "unidentified developer", to mai gadin da ake kira Gatekeeper ne ya tare ta. Tun shekarar 2012 Apple ta sa shi a cikin Mac. Abu biyu yake dubawa: ko mai manhajar ya sa mata hannu da shaidar Developer ID, da kuma ko ya tura wa Apple ita an bincika ba a ga cuta ba. Samun shaidar nan sai da rajistar dala 99 duk shekara, shi ya sa masu ƙananan manhajoji na kyauta da yawa ba sa yi. Saboda haka gargaɗin bai ce manhajar muguwa ba ce. Abin da ya ce kawai, Apple ba ta duba ta ba, dubawar ta dawo kanka.

Kafin komai, karanta saƙon da kyau, domin ba duka iri ɗaya ba ne. In ya ce "unidentified developer", ko "Apple could not verify", ana iya ci gaba. In kuwa ka ga "will damage your computer", Apple ta riga ta san akwai cuta a ciki. Danna Move to Trash ka rabu da ita.

Mataki na 1: Tabbatar daga ina ta fito

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, sauran matakan minti biyu ne. Je shafin mai manhajar da kanka, ka duba adireshin harafi bayan harafi. Kada ka bi tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, ɓarayi kan sayi wannan gurbin su kafa shafi mai kama da na asali. Manhajar kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta, ko wadda wani ya turo maka a WhatsApp ko ya zuba maka a filashi, ba ta cancanci a buɗe mata ƙofa ba. Ta irin waɗannan hanyoyi ne Atomic Stealer, wadda ta ɓulla a 2023, take shiga Mac tana kwashe kalmomin sirri da bayanan asusun kirifto.

Wasu masu manhaja sukan rubuta wata doguwar lamba mai suna SHA-256 kusa da maɓallin saukewa. In akwai, yi amfani da ita. Mu ɗauka fayil ɗinka sunansa Misali.dmg, yana cikin Downloads. Buɗe Terminal, manhajar Mac da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, ka rubuta:

```
shasum -a 256 ~/Downloads/Misali.dmg
```

Zai fito da jerin haruffa da lambobi guda 64. Gwada shi da na shafin. Ko ɗaya ne ya bambanta, fayil ɗin ba shi ba ne, ko kuma ya lalace a hanya, goge shi. Amma ka sani, lambar tana tabbatar maka ne cewa abin da ke hannunka shi ne abin da shafin ya ajiye. In shafin kansa na bogi ne, lambar ma za ta dace.

Mataki na 2: Kai ta Applications tukuna

Mutane da yawa sukan buɗe manhajar daga inda ta sauka, daga baya su tuna da matsar da ita. Juya tsarin. Danna Misali.dmg sau biyu, taga za ta buɗe, galibi da tambarin manhajar a hagu, folda ta Applications a dama, da kibiya tsakaninsu. Riƙe tambarin ka ja shi kan foldar ka sake. In fayil ɗin zip ne, buɗe shi, sannan ka buɗe wata tagar Finder ka danna Shift-Command-A, ka ja manhajar ciki.

Dalilin wannan tsari shi ne, tun macOS Sierra na 2016, duk manhajar da aka sauke daga intanet aka buɗe ta a inda ta sauka, Mac yakan iya gudanar da ita daga wani ɓoyayyen wuri na wucin gadi da ba a iya rubutu a ciki. Za ta buɗe lafiya, amma sabuntawa ta ƙi, ko ta kasa ganin fayilolin da suka zo tare da ita. Jan ta da hannu a cikin Finder shi ke warware wannan. Matsar da ita da umarnin mv a Terminal ba ya warwarewa, ko da ka gan ta zaune a Applications.

In asusunka ba na mai kula da kwamfutar ba ne, za a nemi suna da kalmar sirrin mai kulawar. Kwamfutar ofis ce ko ta makaranta? Mai yiwuwa an kulle wannan hanyar da gangan, sai ka nemi mai kula da ita.

Bayan kwafin ya gama, zaɓi faifan da ya bayyana a gefen Finder lokacin da ka buɗe Misali.dmg, ka danna Command-E ya fita, sannan ka jefa Misali.dmg a Trash.

Mataki na 3: Ba ta izini

Shiga Applications ka danna manhajar sau biyu. Za ta ƙi, kuma ƙin nan ake so, domin sai ta ƙi maɓallin izini yake bayyana. Danna Done, ka kiyaye hannunka daga Move to Trash. Sai ka buɗe System Settings, ka shiga Privacy & Security, ka gangara ƙasa zuwa sashen Security. Za ka ga sunan manhajar da maɓallin Open Anyway kusa da shi. Duba sunan ka tabbatar ita ce, ka danna, ka sa kalmar sirrinka ko yatsa a Touch ID, ka sake amincewa. Maɓallin kamar awa ɗaya yake zama. In ka zo ba ka same shi ba, koma ka sake danna manhajar ta sake ƙi.

Tsohuwar dabarar riƙe Control a danna manhaja a zaɓi Open tana aiki har zuwa macOS Sonoma, amma Apple ta cire ta a macOS Sequoia na 2024. Masu macOS Monterey da na gabaninsa kuma, System Preferences za su shiga, Security & Privacy, shafin General. Izinin sau ɗaya ake bayarwa, kuma na wannan manhajar ce kaɗai. Za ka ci karo da masu cewa a kashe Gatekeeper gaba ɗaya. Ban ga dalilin cire ƙofar gida don baƙo ɗaya ya shigo ba.

In ta ce "is damaged and can't be opened"

Sau da yawa wannan saƙon ba ya kawo Open Anyway. Fara da sake saukewa, musamman in intanet ya yanke maka a tsakiya. In lambar SHA-256 ta dace, kuma mai manhajar da kansa ya bayyana a shafinsa cewa ba ta da sa hannu, ana iya cire alamar killacewar da burauza ta manna mata:

```
xattr -dr com.apple.quarantine /Applications/Misali.app
```

Wannan umarnin yana tsallake binciken Gatekeeper ne baki ɗaya a kan manhajar, don haka rubuta shi da hannunka, da cikakken sunanta. Dogon umarnin da wani shafi ya ce ka kwafa ka liƙa a Terminal ba tare da ka fahimce shi ba, bar shi.

Buɗewar farko ma a sa mata ido. In manhajar kallon bidiyo ce ta fara neman izinin Full Disk Access na ganin duk fayilolinka, ko na Accessibility na sarrafa Mac ɗin, ko wata 'yar taga ta yi ta dawowa tana neman kalmar sirrin Mac ɗinka ba tare da dalili ba, kada ka rubuta komai. Danna Option-Command-Esc ka rufe ta da ƙarfi, ka jefa ta a Trash. In ka riga ka rubuta kalmar, katse intanet, ka canja ta, sannan ka ɗauki wayarka ka canja na imel da na banki daga can.