Yadda za a rubuta giɓin aiki a CV kada ya rage maka maki

Ana ta tambayata wannan, to ga shi. Mu ɗauki wadda ta bar aikin akanta a Maris 2021 don jinyar mahaifiyarta, ta sami sukuni a Satumba 2022.

1. Ki lissafa giɓin da watanni. A nan wata 18 ne. Da wata uku ne ko huɗu, sai in ce a bar shi kawai.

2. Ki ba shi layinsa a jerin ayyukanki, a inda lokacinsa ya faɗo: "Hutun jinyar iyali, Maris 2021 zuwa Satumba 2022."

Hattara: kada ki ja ranar barin tsohon aikin don rufe ramin. Waya ɗaya za a buga wa ofishin, asiri ya tonu, kuma an fi yafe giɓi a kan ƙarya.

3. Ki faɗi dalili a jimla ɗaya. Sunan cutar ba ruwan mai ɗaukar aiki da shi.

4. Ki rubuta abin da hannunki ya taɓa na sana'ar a lokacin. Idan ke ce kike riƙe wa shagon yayanki littafin shiga da fita, ki sa shi, har da watannin da kika yi. Lissafi dai lissafi ne, ko a kan tabarmar asibiti aka yi shi.

5. Ki daidaita tsarin kwanan wata, wata da shekara a ko'ina. Manhajar da kamfanoni ke tace takardun masu neman aiki da ita daga nan take ƙirga shekarun ƙwarewa, in an cakuɗa tana iya rage miki.

6. Ki duba LinkedIn ɗinki, ranakun su zo daidai da na takardar.