Yadda Direban Adaidaita Zai Gina Kasafinsa Kan Watan Rashin Kasuwa

Ka fara da rubuta ribar kowane wata cikin watanni shida da suka wuce, bayan ka cire kuɗin mai, gyara da balas ɗin mai keke.

Sai ka duba watan da ya fi ƙaranci. A ce watanninka na kaiwa naira 120,000, amma na tsakiyar damina ya tsaya a 70,000. To, 70,000 ɗin nan ita ce albashinka. Cefane, haya da kuɗin makarantar yara duk su shiga cikinta. In ba su shiga ba, sai an rage wani abu tun yanzu.

Duk rarar da ta hau kai, kamar ta hada-hadar Sallah, ka zuba ta a asusu daban. Kada ka sa ta a adashi, domin ranar da inji ya buga ba lallai kwasarka ta zo ba.

In ka ga wata biyu a jere kana cirar ajiyar nan don cefane, ka sake lissafi ka rage albashin.