Rigar sanyi ta riyal 600: inda lissafin kuɗin sawa yake ruɗin mutane

Lissafin ba shi da wuya. Ka ɗauki kuɗin rigar, ka raba da yawan ranakun da za ka saka ta, abin da ya fito shi ne abin da kake biya duk ranar da ka zura ta. Rigar riyal 600 da aka saka sau 300 ta tsaya a riyal 2 kowace sawa. Inda ake tafka kuskure shi ne adadin ranakun, domin a nan mutum yake yi wa kansa ƙarya ba tare da ya sani ba.

Wani ƙanena da ke karatu a Madina ya kira ni bara daga cikin shago, muryarsa har rawa take. "Yaya, na samu kwat na riyal 600. Mai shagon ya ce zai yi shekara goma. Sanyi wata uku ne, kwana 90 ke nan, sau goma 900. Ko riyal ɗaya bai kai ba a rana!"

Na tambaye shi kwana nawa ya saka rigar sanyi a shekarar da ta gabata. Ya yi shiru, sannan ya ce wataƙila hamsin. Haka abin yake. Tsananin sanyin da Larabawa ke kira marba'aniyya kwana arba'in ne, daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Janairu, sai ɗan abin da ya biyo baya. A Madina ko Riyad, sau da yawa da asuba da dare ake jin jiki, rana na ɗagawa an tuɓe rigar an rataye. Mazaunin Makka ko Jidda kuwa zai iya ƙare hunturu bai saka kwat mai nauyi sau goma ba. Gyaran shi ne ka ƙirga abin da ka yi bara, ka bar abin da kalanda ta ce.

Shekara goman ma ba tasa ba ce. Saura shekara biyu ya gama karatu ya koma Kano, inda sanyin hunturu ba ya bukatar irin wannan kwat. Mutanenmu da yawa a nan Saudiyya zaman iƙama suke yi, kwantiragi na iya ƙarewa kafin zif ɗin rigar ya fara gardama. Don haka tsakanin shekarun da rigar za ta jure da shekarun da kai za ka zauna inda ake sanyi, ɗauki wanda ya fi gajarta.

Sai muka sake lissafin. Kwana 50 sau biyu, sawa 100. Kwat ɗin na ulu ne, ba ya shiga injin wanki na gida, sai an kai magsala, wato shagon wanki, a ce riyal 25 a shekara, an ƙara 50. Idan ya yi sa'a ya sayar wa sabon ɗalibi a 150 ranar tafiya, abin da ya fita daga aljihunsa 500 ne, wato riyal 5 kowace sawa. Jaket ɗin riyal 150 da ke rataye kusa da shi, wanda zai kai shekara biyun lafiya lau, ya tsaya a riyal ɗaya da rabi. Shi ya ɗauka.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce mai araha ce kullum ke cin nasara. A ɗauki mai gadin dare a Tabuk, yankin da har ƙanƙara kan sauka a Jabal al-Lauz. A ce yana saka riga dare 120 a shekara. Jaket ɗin 150 ba zai tare masa iskar ƙarfe uku na dare ba, dole ya ƙara suwaita ta 80 a ciki, kuma kafin bazara gwiwar hannu ta huje. Riyal 230 a raba da 120, kusan riyal biyu ke nan, yana kuma karkarwa. Farwa, doguwar rigar sanyin Larabawa mai gashi a ciki, mai kyau ta 600 da za ta yi masa shekara biyar, har da wanki 125, ta tsaya a wajen riyal ɗaya da halala 20. Lissafin yana aiki ne kawai tsakanin riguna biyu da dukansu za su hana ka jin sanyi a inda kake tsayawa.

Ni yanzu daga baya nake farowa. Kafin in shiga kasuwar Batha da ke Riyad, nakan yanke cewa riyal biyu zan biya kowace sawa, in ninka da ranakun da na tabbatar. Idan 60 ne a shekara har shekara uku, iyakata 360, ciki har da harajin kashi 15 da kuɗin wanki. A shagon sai in ja zif ɗin sama da ƙasa sau biyar, in juya rigar in duba ɗinkin hammata da bakin aljihu, domin daga nan ake gane ko za ta kai shekara ukun.